Jari a Gida, Mai Shi a Ƙetare: Yadda Ake Kafa Kasuwancin Iyali da Sa Ido a Kansa Daga Nesa

Gabatarwa

Ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa mutum ya danƙa dukiyarsa a hannun wani, alhali tsakaninsu akwai tafiyar kwana da kwanaki. Fataken da suka riƙa kai kanwa da tufafi Gwanja suna komowa da goro, da yawansu da jarin iyayen gidansu suke fatauci. A cikin binciken da Abner Cohen ya yi a Sabon Ibadan, wanda aka buga a 1969, an nuna yadda attajiran Arewa suke aika shanu da kuɗi zuwa ga masu gidajen baƙi na Sabo, a sayar musu da shanu, a saya musu goro, sau da yawa bisa bashi. Abin lura a cikin wannan tsari shi ne, amanar da ake magana ba ta tsaya ita kaɗai ba. Akwai maigida da yake lamuni, akwai dillali da ya san kowane mai saye, akwai malamin da yake rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, sa'an nan akwai jama'ar kasuwa da za su ƙaurace wa duk wanda ya ci amana.

A wannan zamani al'amarin ya juya. Mai jarin ne yake barin gida, ya tafi aikin jinya a Jidda, ko koyarwa a Ingila, ko tuƙin mota a Dubai. Galibi shi ba ɗan kasuwa ba ne, kuma wanda zai bar wa jarin ɗan'uwansa ne na jini, wanda kunya ba za ta bari a tuhume shi ba. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kuɗin da 'yan Nijeriya mazauna ƙetare suka aiko gida a 2023 ya kusa dala biliyan 20. Wani kaso daga cikin wannan kuɗi yana shiga shaguna da gonaki da motocin haya, kuma kusan babu unguwar da ba ta san labarin wanda ya dawo bayan shekaru ya tarar da shago fayau, zumunci kuma ya lalace.

Abin da wannan bayani zai nuna guda ɗaya ne. Irin wannan kasuwanci yakan mutu ne, mafi yawan lokaci, ba don an yi sata da gangan ba, sai don an haɗa abubuwa uku a hannu ɗaya, wato mallaka, da riƙon kuɗi, da ƙidayar kaya, sa'an nan kuma an bar cefanen gida yana fita daga uwar kuɗi. Wanda ya raba waɗannan tun farko ya mayar wa kansa da idon da nisa ya ɗauke masa. Domin bayanin ya fito fili, za a bi misali guda daga farko har ƙarshe: wani ma'aikacin jinya ɗan Kano da yake aiki a Jidda, wanda ya tara naira miliyan 10, yake so ya buɗe wa iyalinsa shagon sayar da buhunan shinkafa, ƙanensa ya kula da shi. Alƙaluman misalin an zaɓe su ne don sauƙin lissafi, ba farashin kasuwa na wata rana ba ne.

Zaɓen Irin Kasuwancin

Tambayar farko ga wanda yake nesa ita ce: shin ana iya ƙirga wannan kasuwanci? Yawan riba yana zuwa bayan wannan. Motar haya tana kawo kuɗi kullum, amma babu mai iya tabbatar da sawu nawa direba ya yi, ko gyaran da aka ce an yi a gareji an yi shi. Kiwon kaji yana da riba, amma idan aka ce ɗari biyu sun mutu cikin dare, wanda yake Jidda ba shi da hanyar gaskatawa ko ƙaryatawa. Buhun shinkafa kuwa abu ne da ake gani, yana da nauyi sananne, farashinsa ba ɓoyayye ba ne a kasuwar Singa ko ta Dawanau, kuma ba ya lalacewa cikin mako guda. Ko da ribarsa ba ta kai ta mota ba, shi ne ya fi dacewa da mai jarin da ba ya nan, domin duk wanda ya iya ƙirge zai iya bincikarsa.

Tambaya ta biyu ita ce ko ɗan'uwan da za a ba riƙon ya san sana'ar. Rashin aikin yi ba hujja ba ce ta ba mutum shago. Idan ƙanen bai taɓa zama a kasuwa ba, wata shida da zai yi yana yaron shago a wajen wani ɗan sari sun fi arha bisa darasin da zai koya da jarin wansa. Akwai kuma gargaɗi ga ma'aikatan gwamnati. Ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da suke cikin Jadawali na Biyar na Tsarin Mulkin 1999 sun hana cikakken ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwanci na kansa, in ban da noma. Saboda haka ɗan'uwan da yake aikin ofis bai dace a ɗora masa riƙon shago ba, haka kuma ma'aikacin da gwamnati ta tura aiki ko karatu ƙetare ya kamata ya tsaya a matsayin mai hannun jari, ba mai gudanarwa ba.

Matsayin Kuɗin: Kyauta, Albashi ko Ƙiradi

Tushen yawancin rigingimu shi ne, mai aikowa yana ganin jari ya bayar, mai karɓa kuwa yana ganin taimako aka yi masa. Kalmar da aka saba amfani da ita, wato "ga wannan ka juya", tana ɗaukar ma'anonin biyu duka. Wajibi ne tun kafin kuɗi ya bar hannu a fayyace wanne ake nufi daga cikin abubuwa uku. In kyauta ce, to a faɗa, mai bayarwa kuma ya cire ransa daga tambayar lissafi. In ɗaukar aiki ne, shago da ribarsa da hasararsa duk na mai jari ne, ƙanen kuwa yana da albashi sananne a ƙarshen wata. Hanya ta uku ita ce ƙiradi, wanda ake kuma kira mudaraba.

Ƙiradi tsohon tsari ne da littattafan fiƙihun Malikiyya, irin su Muwaɗɗa da Risala da Muhtasar, suka yi bayaninsa, kuma an tsara shi ne musamman domin mai kuɗi da ba ya wurin da ake juya kuɗinsa. Sharuɗɗansa masu muhimmanci a nan huɗu ne. Jarin ya zama kuɗi sananne. Rabon riba ya zama da kaso, kamar rabi ko sulusi, ba a yanke wa ɗayansu wani adadi tsayayye ba. Hasarar da ta auku ba tare da sakaci ko ƙetare iyaka ba tana kan mai jari, mai juyawa kuwa ya yi hasarar wahalarsa. Sa'an nan mai juyawa ba ya sayar da kaya bashi sai da izinin mai jari, in ya yi gaban kansa kuwa shi zai biya. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da amfani ƙwarai, domin yana ba ƙanen abin kāre kansa idan dangi suka zo neman bashi: ba shi ne ya hana ba, yarjejeniya ce ta hana.

A cikin misalin da ake bi, 'yan'uwan biyu sun zaɓi ƙiradi, riba rabi da rabi. Sun rubuta takarda shafi biyu da Hausa, kawunsu da limamin unguwa suka sa hannu a matsayin shaidu, kowa ya riƙe kofe. Takardar ta faɗi yawan jarin, da irin kayan da za a saya, da iyakar bashin da za a iya bayarwa, da lokacin ƙidaya, da abin da ƙanen zai riƙa ɗauka kowane wata a matsayin kafin-alƙalami wanda za a cire daga rabonsa, da wanda za a kai wa ƙara in saɓani ya taso. Wanda yake ganin rubutu tsakanin 'yan'uwa alamar rashin yarda ce, sai ya tuna cewa aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ba ta keɓe 'yan'uwa ba.

Mallaka: Sunan Wa Yake Kan Takarda

Mutane da yawa, saboda ladabi, sukan sa sunan mahaifi ko mahaifiya a kan takardar shago ko fili. Niyyar mai kyau ce, amma sakamakonta yana da nauyi. Ranar da mahaifin ya rasu, abin da yake ɗauke da sunansa ana lissafa shi cikin gado, a raba wa dukan magada, har da 'yan'uban da ba su sa ko kwabo ba, sai fa in mai jarin yana da shaidu masu ƙarfi. Haka nan in sunan ƙane ne a kai, ranar da ya rasu shagon ya zama na matarsa da 'ya'yansa a idon alƙali. Ƙa'idar a nan mai sauƙi ce: wanda ya ba da kuɗi, sunansa ne zai hau takarda. In yana so ya kyautata wa iyaye, ya ba su daga riba.

A Nijeriya rajistar kasuwanci tana hannun Hukumar Rajistar Kamfanoni, wadda aka fi sani da CAC, ƙarƙashin Dokar Kamfanoni ta 2020, kuma ana cike takardun ta intanet, ba sai mutum ya dawo gida ba. Hanya biyu ce ta fi shafar ƙaramin kasuwanci. Ta farko ita ce rajistar sunan kasuwanci kawai, wadda take da arha, amma doka ba ta bambanta shagon da mai shi, wato bashin da aka ci da sunan shago yana iya bin dukiyar mai sunan. Ta biyu ita ce kafa kamfani mai iyakantaccen alhaki, wanda doka take ɗauka a matsayin mutum mai zaman kansa. Dokar 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa irin wannan kamfani, mafi ƙarancin hannun jarinsa kuwa naira 100,000 ne. Ga wanda yake nesa, wanda wani zai riƙa ƙulla ciniki da sunansa, hanya ta biyu ta fi aminci. Kowace aka bi, akwai rahoton shekara da ake miƙa wa hukumar, kuma barinsa yana jawo tara.

Takardar hayar shago ita ma ta fito da sunan kasuwancin. In fili za a saya, a tuna cewa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa mayar da haƙƙin mallakar fili mai takardar gwamna daga hannu zuwa hannu yana bukatar amincewar gwamna, don haka rasit ɗin dillali kaɗai bai isa ba, sai an bincika a ma'aikatar ƙasa ta jiha. Idan ya zama dole a ba wani takardar wakilci, lauya ya rubuta ta a kan aiki guda sananne da lokaci sananne, a kuma faɗa a fili cewa ba ta ƙunshi ikon sayarwa ko jinginarwa ba. Takardar wakilci buɗaɗɗiya daidai take da ba mutum mabuɗin gida da na akwati gaba ɗaya.

Riƙon Kuɗi

Bayan rajista sai a buɗe asusun banki da sunan kasuwancin. Mai jari ya kasance cikin masu sa hannu, a kuma rubuta wa banki umarni cewa ƙanen yana iya fitar da kuɗi shi kaɗai har zuwa wata iyaka, abin da ya haura nan kuwa sai da amincewar su biyu. Saƙon shigar kuɗi da fitarsu ya riƙa zuwa wa kowannensu. Wanda ba shi da lambar BVN ba sai ya jira zuwa hutu ba, domin a 2025 Babban Bankin Nijeriya ya buɗe hanyar da mazauna ƙetare za su same ta daga inda suke. Na'urar POS ta shago ta riƙa zuba kuɗi a wannan asusu, tsabar kuɗin da aka karɓa kuwa a kai banki kowace rana ko washegari. Da zarar masu saye sun fara tura kuɗi asusun ƙanen na kansa, to idon mai jari ya rufe, ko da ƙanen bai yi nufin mugunta ba.

Ma'aikacin jinyar ya kasa naira miliyan 10 ɗinsa kamar haka: naira 600,000 hayar shekara, naira 400,000 rajista da sikeli da katakon ɗora kaya, naira 7,500,000 buhu 150 a kan naira 50,000 kowanne, sa'an nan naira 1,500,000 ajiyar ko-ta-kwana a banki. Idan ana cin naira 2,500 a kan buhu, aka kuma sayar da buhu 200 a wata, an sami naira 500,000. Daga ciki za a cire naira 50,000 ta haya, da 60,000 ta dako da mota, da 40,000 ta yaron shago, da 30,000 ta gadi da haraji da cajin banki, jimla naira 180,000. Abin da ya rage naira 320,000 ne, kowa ya tashi da 160,000. Wannan lissafi yana nuna abu mai muhimmanci: shagon da ya ci miliyan 10 ba zai iya ɗaukar nauyin gida mai mutum goma sha biyar ba. Wajibi ne kuɗin cefanen iyaye ya ci gaba da zuwa ta hanyarsa dabam, zuwa asusu dabam. In gida yana son shinkafa, a saya daga shagon a biya kamar kowa.

Akwai kuma batun canjin kuɗi. Riyal ɗin Saudiyya a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 a kowace dala, tun 1986, naira kuwa tana hawa tana sauka. A watan Mayu na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Bayan an saki farashin a watan Yuni na wannan shekara, zuwa Fabrairun 2024 ta kai wajen naira 1,500. Wanda ya canza dukan tarinsa zuwa naira miliyan 10 kafin wannan sauyi, ya bar su a banki, dala dubu ashirin da 'yan kai ya zuba, bayan wata tara kuwa ba su kai dala dubu bakwai ba. Darasin shi ne a riƙa aiko da jari kashi-kashi, daidai lokacin da za a sayi kaya, kowane kashi bayan an ga lissafin na baya. Kada kuma mutum ya ci bashin riyal ko fam domin ya zuba a kasuwancin da ribarsa take fitowa da naira.

Ƙidaya: Abin da Wata Shida Suka Nuna

A watannin farko ma'aikacin jinyar ya yi abin da mutane da yawa suke yi, wato ya wadatu da kiran waya. Duk lokacin da ya tambaya, amsar ita ce: "Yaya, kasuwa sai godiya, kaya suna fita." Kuma ƙanen gaskiya yake faɗa iyakar saninsa. Da aka cika wata shida, ya aiko da lissafi: kayan da suke cikin shago sun kai naira 7,800,000, akwai naira 650,000 a banki, ana kuma bin mutane bashin naira 1,300,000. Jimla naira 9,750,000, alhali an fara da naira 9,000,000 tsakanin kaya da ajiya. Bisa wannan lissafi an ƙaru da naira 750,000, ban da ribar da aka riƙa rabawa kowane wata.

Amma a cikin waɗannan watanni farashin sarin buhu ya tashi daga naira 50,000 zuwa 65,000. Idan aka mayar da lissafin zuwa buhu, hoton sai ya canza. A farko akwai buhu 150 a ƙasa, ajiyar banki kuma tana iya sayen 30, jimla 180. Yanzu naira 7,800,000 buhu 120 ne, kuɗin banki buhu 10, bashin da ake bi buhu 20, jimla 150. Shagon ya rame da buhu 30, wato kashi ɗaya cikin shida na ƙarfinsa, alhali lissafin naira yana nuna ya yi ƙiba. Da aka duba littafin bashi kuma, sai aka ga rabinsa ya wuce kwana 90, kuma yawancin sunayen na dangi ne da surukai. In wannan rabi bai dawo ba, buhu 140 ne suka rage.

Da aka bi sawu, sai aka gano inda buhu 30 suka shiga. Gida ya riƙa ɗaukar buhu biyu kowane wata ba tare da biya ba, buhu 12 ke nan. An ɗebi kuɗin suna da na asibiti daga aljihun shago, daidai da buhu 8. Sauran 10 kuwa sun tafi ne ta hanyar da ta fi ɓuya. Ƙanen yana lissafa riba a kan farashin da ya sayo kaya, ba a kan farashin da zai sake sayowa ba. Buhun da ya sayo naira 50,000, ya sayar 57,000, sai ya rubuta ribar 7,000 a raba, alhali a ranar sabon sari ya kai 55,000, ainihin abin da za a iya fitarwa kuwa 2,000 ne. Babu wanda ya yi sata a cikin wannan labari, amma da an ci gaba a haka, cikin shekara uku da shagon ya ƙare.

Gyaran da aka yi kashi uku ne. Na farko, aka mayar da buhu ma'aunin lafiyar shago: ba a fitar da riba sai daga abin da ya haura buhu 180. Wannan bai canza hukuncin ƙiradi ba, wanda yake lissafa uwar kuɗi da nairar da aka bayar. Abin da ƙanen ya bari a cikin shago daga rabonsa ana rubuta masa shi a matsayin nasa jarin, ta haka sannu a hankali ya zama mai hannu a cikin kasuwancin, abin da ya ƙara masa kishin tsare shi. Na biyu, aka koma rabon riba duk bayan wata uku, bayan ƙidaya. Na uku, aka ɗauki mai ƙidaya, wani tsohon akawun sito da ba ya cikin dangi, ba ya kuma cin abinci a hannun ƙanen, ana biyansa lada daga Jidda kai tsaye.

Aikin mai ƙidaya ba mai wuya ba ne. Yana zuwa sau ɗaya a wata, ranar da bai sanar ba, ya ƙirga buhuna da hannunsa, har na tsakiyar jibgi, ya ɗora wasu a sikeli. Sa'an nan ya yi lissafi guda: abin da aka bari a watan jiya, a haɗa da abin da aka sayo, a cire abin da aka sayar, abin da ya fito shi ne ya kamata a tarar a ƙasa. Buhunan da aka ce an sayar kuma, kuɗinsu ya kamata a gani a takardar banki ko a littafin bashi. Lokaci-lokaci mai jarin da kansa ya kira ɗan sarin ya tabbatar da yawan kayan da aka ɗauka, ya kuma kira biyu ko uku daga cikin waɗanda ake bi bashi. Kiran bidiyo yana da amfani, amma yana da iyaka, domin ana iya aro kaya daga maƙwabcin shago a cika wuri na awa guda. Ƙidayar ƙarshen shekara kuwa tana da amfani biyu, domin da ita ake fitar da zakkar kayan ciniki, kashi biyu da rabi cikin ɗari.

Alamomin Ɓaraka da Hanyar Rabuwa

Akwai alamomi da suke bayyana tun kafin rami ya yi zurfi. Lissafin wata ya fara makara, ko ya riƙa zuwa da alƙaluma dunƙulallu marasa kai. A riƙa cewa ana cin riba, amma kuma ana neman ƙarin jari. Kuɗin da suke shiga banki su ragu alhali an ce ciniki bai ragu ba. Sunaye iri ɗaya su riƙa maimaituwa a littafin bashi wata bayan wata. Mafi girma duka ita ce a fara ɗaukar zuwan mai ƙidaya a matsayin cin fuska. Idan biyu daga cikin waɗannan suka haɗu, abin yi shi ne a dakatar da aiko sabon kuɗi, a yi ƙidaya, sa'an nan a yi magana. Yin faɗa a waya kafin a san adadin buhuna ba ya haifar da komai sai gaba.

Shi ma mai jari yana da nasa laifin da yakan yi. Wani yakan matsa wa ɗan'uwansa da kira safe da yamma, ya tsoma baki a farashin kowane buhu daga ƙasar da bai san halin kasuwar ranar ba. Wani yakan ba mahaifiya ko matarsa izinin ɗiba daga shago ta waya, sa'an nan ya zo yana tuhumar lissafi. Wani kuma yakan tauye rabon mai juyawa har ya zama ba ya isarsa, alhali shi ne yake wuni a rana. Wanda aka bar shi da yunwa a tsakiyar kayan abinci, ba a yi masa adalci ba, ba a kuma tsare dukiyar ba.

Daga ƙarshe, yarjejeniya ta faɗi yadda za a rabu. Wanda yake son fita ya ba da sanarwar wata uku, a sayar da kaya ko a yi musu kuɗi a gaban shaidu, a karɓo basussuka, a fitar da uwar kuɗi, sa'an nan a raba abin da ya rage. A kuma ajiye kofen takardun duka a wurin da matar mai jari ko babban ɗansa suka sani, domin mutuwa ba ta sallama.

Kammalawa

Fataken da suka gabata ba su fi mutanen yanzu tsarkin zuciya ba. Abin da suke da shi shi ne tsarin da yake sa riƙon amana ya yi sauƙi, cin ta kuma ya yi wuya, wato maigida, da dillali, da marubuci, kowa da aikinsa. Mai aiki a ƙetare yana iya gina kwatankwacin wannan da abubuwa ƙalilan: takarda mai shaidu, rajista da sunansa, asusun da yake gani, mai ƙidaya da ba ya ƙarƙashin mai juyawa, da kuma kuɗin cefane da bai taɓa jari ba. Ma'aikacin jinyar da aka yi misali da shi ya gano ramin buhu 30 a wata na shida, lokacin da gyara yake yiwuwa, shi da ƙanensa kuma suna gaisawa. Da ya jira sai ya zo hutu bayan shekara uku, da abin da zai tarar ya fi ƙarfin sulhun kawu da liman. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma a kasuwancin iyali tsagar farko ita ce kuɗin da aka bayar ba a faɗi sunansa ba.